Yadda ake auna wando ya zauna daidai a kan takalmi

Akwai wani wando ruwan toka da na taɓa ɗinkawa don ɗaurin auren abokina. Ranar awo na cire takalmi a ƙofar shago kamar yadda aka saba, na tsaya a kan tabarma, na shanye ciki, na ja wandon gwaji har cibiya. Tela ya duƙa ya sa alli, muka rabu kowa yana murna. Ranar biki kuwa, ko awa ɗaya ban yi da sa shi ba sai ga wando ya zame ƙasan tumbi, yadi ya taru a kan takalmi kamar an ajiye tsumma, bayan ƙafar kuma yana sharar ƙasa. Na so in ɗora wa tela laifi, amma da na zauna na duba sai na ga awonsa daidai ne. Wurin da na ɗaura wandon ranar awo daban, wurin da yake zama idan na saki jiki daban.

Abin da ake nema a bakin wandon kwat, ko duk wani dogon wando na zamani, shi ne wata 'yar karyewa da yadi yake yi a gaba, inda bakin ƙafar ya sauka a kan takalmi. Idan ka tsaya, karin gugan da ya taho tun daga cinya ya kamata ya sauko a miƙe, sai dab da takalmi ya ɗan lotsa sau ɗaya. Wannan lotsawa ita nake kira karyewa a nan. Abubuwa huɗu ke haɗuwa su yi ta: inda wandon yake zama a ƙugu, takalmin da za a sa, faɗin bakin ƙafa, sannan tsawo. A jere suke haka, kuma tsawo shi ne na ƙarshe, duk da cewa da shi kowa yake farawa.

Fara da hantsa

Shimfiɗa wandon a kan gado, ka ja zif, ka sa maɓalli. Ɗauki tef ka ɗora a mahaɗar ɗinki huɗu da ke tsakanin ƙafafu, ka bi ta kan zif har saman ƙugu. Abin da ka samu shi ne zurfin hantsa ta gaba. Ga namiji mai matsakaicin tsawo, inci 9 ko ƙasa da haka gajeriyar hantsa ce, irin ta wandon samari da ke zama a kan ƙashin kwankwaso. Inci 10 zuwa 11 matsakaiciya ce, tana zama kamar yatsa biyu ko uku a ƙasan cibiya. Daga inci 12 zuwa sama doguwa ce, tana kaiwa cibiya ko ta ɗan haura, irin wandon kwat ɗin iyayenmu. Mai tsawo sosai zai ƙara kamar inci ɗaya a kan kowanne, gajere kuma ya rage. Wanda telansa ke awo da santimita, irin na Maraɗi ko Damagaram, ya riƙe cewa inci ɗaya santimita 2.54 ne.

Me ya haɗa hantsa da idon sawu? Wando a rataye yake, kuma ƙugu ne maratayinsa. Duk incin da ya zame daga sama, a kan takalmi zai sauka. Bambancin wando mai kyakkyawar karyewa da wanda ya yi jagwab bai wuce inci ɗaya ba. To ka ga idan wandonka yana zamewa inci ɗaya tsakanin safe da azahar, duk ƙwarewar telanka ta tashi a banza.

Don haka zaɓi hantsar da za ta kai wandon wurin da jikinka zai riƙe shi. Siririn mutum marar tumbi yana da sauƙi, ƙashin kwankwaso zai tare wandon, ko wace hantsa ya sa. Mai tumbi shi ke da aiki, domin wurare biyu kawai wando yake iya tsayawa a jikinsa: ko dai can ƙasan tumbin, ko kuma a kan cibiya, sama da inda cikin ya fi tudu. Tsakiya gangara ce, kuma abin da aka ɗora a gangara sai ya mirgina. Matsakaiciyar hantsa ita ce ta yaudare ni a wancan wandon. A ganina mai tumbi gara ya ɗinka doguwar hantsa ya ɗaura a cibiya. Idan ya zaɓi ƙasan tumbi, gaban wandon zai yi ƙasa alhali bayan yana sama, sai yadin gaba ya yi yawa a kan takalmi. Hakan ma yana gyaruwa, amma sai tela ya rage hantsar gaba tun wajen yanka.

Ga gwajin da nake yi kafin kowa ya taɓa ƙafar wando. Sa wandon da bel ɗin da za ka riƙa sawa, ka cusa riga idan cusawa kake yi, ka zuba waya da makulli da walat a aljihu, domin nauyinsu yana jan wando ƙasa. Yi tafiya ta minti biyar, ka zauna, ka tashi, ka duƙa kamar za ka ɗaura igiyar takalmi. Kada ka gyara shi. Inda ya tsaya bayan wannan, nan ne mazauninsa na gaskiya. Idan ka ga hannunka yana kaiwa don ka ja shi sama, ƙugun ya yi yawa ko hantsar ba taka ba ce, kuma wannan za a fara gyarawa. Tela yana iya rage ƙugu ta ɗinkin baya kamar inci ɗaya zuwa biyu ba tare da ɓarna ba. Fiye da haka aljihunan baya za su fara matsowa kusa da juna. Hantsa kuwa ba ta ƙaruwa bayan an yanka, sai dai a haƙura da wandon.

Wata alama kuma: idan hantsa ta fi ƙarfin jikinka, mahaɗar wandon za ta yi lilo a tsakanin cinyoyi, ƙafarka ta yi kamar gajeriya ko da bakin ya zauna daidai. Ya kamata ka iya tsunkuno kamar inci ɗaya na yadi a wurin, ba fiye ba.

Takalmin da za ka je da shi shago

Wando ɗaya ba ya yi wa kowane takalmi daidai. Zaɓi takalmin da za ka fi sawa da wannan wandon, ka tafi da shi, ka sa shi a ƙafa lokacin awo. Idan shagon na cire takalmi ne, nemi izini ka shimfiɗa kwali ko ku fito bakin ƙofa inda siminti yake a shafe.

Abu biyu ake dubawa a takalmi. Na farko dunduniya: sau-ciki na kwat yawanci dunduniyarsa kamar inci ɗaya ce, kuma ita ke ɗaga bayan wando daga ƙasa. Na biyu, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, shi ne tudun saman takalmin, wato wurin igiya da harshe. Nan ne gaban wando yake sauka, kuma shi ke haifar da karyewar. Sau-ciki mai igiya yana da tudu, yana tare yadi da wuri. Lofa, marar igiya, bakinsa a buɗe yake kuma a kwance, saboda haka wandon da ya karye daidai a kan mai igiya zai iya zubowa ya rufe lofa har ya haɗiye adonsa. Lofa ya fi son wando ya taɓa shi kawai, ko ya ɗan ɗage.

Kambas mai kaurin tafi da kumburarren harshe akasin haka yake: yana tura yadi sama, sai wando ya tattare ko da tsawonsa daidai ne. Da shi sai ka rage kamar rabin inci, ko ka bar bakin ya tsaya a saman harshen. But mai wuya kuma yana buƙatar baki mai faɗin da zai zura a kan wuyan ba tare da maƙalewa ba. Idan ka tashi daga kujera ka ga wando ya maƙale a wuyan but sai ka sa hannu ka sauke shi, bakin ya yi kaɗan.

Haf-shu da sandal ba su da bayan da zai tare yadi. Duk wandon da ya kai dunduniya zai shige ƙarƙashinta, ka riƙa taka shi. Wannan ya sa wandon kaftani, wanda da irin waɗannan takalma aka fi sa shi, ake tsayar da shi a idon sawu ko sama kaɗan, babu karyewa ko ɗaya. Shadda mai sitaci ma ba ta iya karyewa a hankali, sai dai ta tanƙware kamar kwali.

Faɗin baki shi ke faɗa maka tsawo

Telolinmu suna faɗin bakin ƙafa da zagaye: ƙafa 14, ƙafa 16, ƙafa 18. Idan ka shimfiɗa wando ka auna baki daga gefe zuwa gefe, rabin wannan za ka gani, wato 7 ko 8 ko 9.

Ƙa'idar a nan mai sauƙi ce idan ka hango ta. Ƙaramin baki ba zai iya wuce tudun takalmi ba, a can sama zai tsaya, kusa da idon sawu. Duk yadin da ka ƙara bayan nan ba shi da wurin zuwa, sai ya taru a ƙwauri hawa-hawa. Babban baki kuwa yana buɗewa ya rufe igiya, ya sauka kusa da ƙasa kafin ya gamu da abin da zai tare shi. Saboda haka fensir, mai ƙafa 13 zuwa 14, gajarta yake so: ya shafi takalmi kawai, ko ya tsaya a ƙashin idon sawu. Ƙafa 15 zuwa 16 ita ke ɗaukar 'yar karyewa guda ɗaya, kuma ita ce ta fi dacewa da yawancin mutane. Ƙafa 18 zuwa 20 tana son tsawo, ta rufe yawancin igiya, bayan ya sauka kusa da dunduniyar takalmi. Idan ka ɗangale mai faɗi irin wannan, zai riƙa kaɗawa a ƙafa kamar ƙararrawa.

Girman takalmi ma yana da ta cewa. Mai sa lamba 45 idan ya sa ƙafa 13, takalmin zai fito zangareriya kamar kwale-kwale. Tsoffin teloli na kwat suna son bakin wando ya rufe kamar kashi biyu cikin uku na tsawon takalmi. Yanzu an fi matse shi, amma idan bai kai rabi ba, ido zai ga takalmin kafin ya ga mutumin.

Wanda yake ɗage wandonsa sama da idon sawu saboda addini, wannan ƙa'idar ta faɗi tana yi masa amfani ƙwarai. Ya rage bakin zuwa 14 ko 15, a yi masa kalmasa mai ɗan nauyi don ƙafar ta sauko a miƙe, ya sa safa mai launin wandon. Haka zai fito tsaf, ba kamar wanda ya ari wandon ƙaninsa ba.

Nawa karyewar?

Idan baki ya shafi takalmi kawai, karin guga ya miƙe har ƙasa, babu karyewa ke nan. Yana tsawaita ƙafa, yana kyau ga gajere da siriri, amma ba ya yafe kuskure: rabin inci ya ragu, ya zama ɗangalalle. Ƙara kamar rabin inci sai ka samu 'yar lotsawa guda, wadda da ka ɗaga ƙafa take bajewa. Ƙara wani rabin kuma karyewar ta zama matsakaiciya, ta fito sosai, safa ba ta leƙowa ko kana tafiya. Daga nan idan ka ƙara, ka shiga cikakkiyar karyewa, wadda sai dogon mutum mai faɗin wando da yadi mai nauyi take yi wa kyau.

Ni dai ina tsayawa ne tsakanin 'yar lotsawa da matsakaiciya, kuma ina da dalilin da ya wuce ado. Mu masu cire takalmi ne sau da yawa a rana: a masallaci, a ɗakin mutane, wajen alwala. Da ka cire sau-ciki ka yi asarar inci ɗaya na dunduniya. Wandon da aka yi wa cikakkiyar karyewa a lokacin zai sauka a ƙasa, ya sha ruwan wurin alwala, ya kwashi ƙura, cikin 'yan watanni bayan bakin ya zaizaye.

Aikin kansa, da wando a hannu

Bari in kawo wandon da na raka ƙanena ya gyara. A gwanjo ya saye shi, na ulu marar kauri, ƙugu 34, hantsa 11, ƙafa 16, tsawon ciki daga mahaɗa zuwa baki inci 33. Da sau-ciki mai igiya zai sa shi zuwa ofis.

Kafin mu je sai da aka wanke shi aka goge. Wannan ya fi zama dole ga auduga da jins sababbi, domin suna shiga bayan wanki, kuma ta tsawo suka fi shiga. A wanke su sau ɗaya ko biyu kafin almakashi ya taɓa su. Idan yadi ne za a ɗinka daga farko, a jiƙa shi ya bushe tukuna.

A shago telan ya fara farke tsohuwar kalmasa, ya goge layinta, muka ga akwai inci ɗaya da rabi a ciki. Ƙanena ya sa wando da bel da takalmi, ya yi 'yar tafiyar nan ya dawo. Na ce masa ya tsaya yadda yake tsayuwa a layin banki, ƙafafu a ɗan ware, ido yana kallon gaba. Wannan na ƙarshe shi ya fi wuya. Kowa yana so ya leƙa ya ga abin da tela yake yi, kuma da ka sunkuya gaban wando zai sauka, awo ya lalace. Idan kana son gani, a ajiye madubi a ƙasa jingine da bango, ko wani ya ɗauke ka hoto daga gefe, wayar tana daidai gwiwa.

Tela ya naɗe yadin zuwa ciki, ba waje ba, don a ga yadda zai zauna da gaske. Ta bayan ƙafa ya fara: ya kafa fin inda baki ya tsaya inci 2 daga siminti, wato kamar inci ɗaya sama da dunduniyar takalmin. Ya zagayo gaba, sai muka ga yadi ya ninku biyu a kan igiya. Ƙanena ya ce, “Yaya, ai ya yi tsawo, a ƙara ɗagewa.” Telan ya ce, “A'a, Malam, bayan ya yi daidai. Gaban kawai za mu ɗaga.” Ya ɗaga gaba da rabin inci, ninki biyun ya koma lotsawa ɗaya.

Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace amfani, kuma ba kowane tela yake yin ta ba sai ka nema: a karkata bakin, baya ya fi gaba tsawo da rabin inci zuwa kashi uku cikin huɗu na inci. Takalmi yana da tudu a gaba, ba shi da shi a baya, don haka baki mai karkata ya fi bin surarsa. A wando mai ƙafa 14 ba sai an yi ba, karkatar ba ta da wurin fitowa. Idan za a yi, ka tabbata tela ya ɗan saki ɗinkin gefe na yadin da zai shige ciki, in ba haka ba kalmasar za ta tattare.

Sai ɗaya ƙafar. Kada ka yarda a auna ɗaya a kwafa a ɗayar. Mutane da yawa ƙafarsu ɗaya ta ɗan fi, ko kwankwasonsu ya karkata, ko suna jingina nauyi a gefe guda. Daga ƙasa ake auna kowacce. Na ƙanena, da aka cire wandon aka auna, ta dama ta ba da tsawon ciki 30, ta hagu 30 da kwata. Aka bar su haka.

Da fin a jiki ya sake tafiya, ya hau matakala biyu, ya zauna. A zaune wando yana hawa kamar inci biyu, wannan ba laifi ba ne, aikin safa ne ta rufe. Sayi doguwar safa mai kaiwa tsakiyar ƙwauri ko sama, musamman idan kana hawa babur. Ba a ƙara wa wando tsawo don gajeriyar safa.

Lissafin yanka kuma ga shi. Rarar tsawo inci 3 ce, ga inci ɗaya da rabi na tsohuwar kalmasa, jimla huɗu da rabi. Muka ce a bar inci 2 a ciki, a yanke biyu da rabi. Wannan inci biyun yana ba bakin nauyi, kuma idan gobe an canza takalmi akwai abin saki. Kafin a yanka, yadin ya isa a yi naɗi ta waje, irin wanda ake juyo baki sama, domin naɗin inci ɗaya da rabi yana cin ninki biyu na faɗinsa da ƙarin inci ɗaya, wato inci 4. Amma naɗi a miƙe yake tafiya, ba ya haɗuwa da karkata, kuma ya fi son wando marar karyewa ko mai 'yar kaɗan. Nauyinsa yana taimakon yadi mai laushi ya sauko sambal. Illarsa a garuruwanmu ita ce yashi da ƙura da yake tarawa, sai kana juye shi kana kakkaɓewa.

Ɗinkin bakin wandon kwat da hannu ake yi, ko da keken da ke ɓoye zare, kada layin ɗinki ya fito a waje. Jins da wandon kaki su ne ake bi da keke a fili. Idan kana shakka tsakanin tsawo biyu, ce wa tela ya kama da ɗinkin wucin gadi ba tare da ya yanka ko ya danna dutsen guga sosai ba, ka sa wandon kwana biyu. Guga mai zafi tana barin layi, a kan auduga da jins kuma layin ba ya ɓacewa idan aka zo saki.

Idan ka karɓo wando ka ga bai yi ba, duba inda matsalar take kafin ka koma da faɗa. Ninki biyu ko uku a gaba, baya kuma daidai: karkata ake buƙata, ko gaban ƙugun ne yake zamewa. Yadi ya taru a ƙwauri alhali safa tana leƙowa ta baya: bakin ya matse, ko kuma wandon yana kamawa a dambubu, sai a saki ɗinkin wurin. Karin guga ya karkace yana kallon gefe maimakon ya sauka a tsakiyar igiya: wannan daga yanka ne ko daga gwamewar ƙafa, rage tsawo ba zai gyara shi ba, sai tela ya taɓa ɗinkin gefe. Da safe daidai, da yamma yana jan ƙasa: koma ƙugu, a rage shi ko a ƙara wa bel huda ɗaya, a bar ƙafar wandon yadda take.